Ranka ya daɗe, yallaɓai ko mai girma: wa ake ce wa me?

Mai Gabatar da Baƙi:
Assalamu alaikum jama'a. Makon jiya aka ɗora mini gabatar da baƙi a bikin buɗe wani ƙaramin asibiti. An miƙo mini jawabin maraba da Turanci, aka ce in mayar da shi Hausa don mutanen gari su ji. A sahun gaba akwai mataimakin gwamna, da sarki, da wata kwamishiniya, da alƙalin babbar kotu, da limamin Juma'a. Wajen jero su ban sha wuya ba: mai girma mataimakin gwamna, mai martaba sarki, mai girma kwamishiniya, mai shari'a, sai malam liman.

Inda na kakare shi ne lokacin da zan dubi mataimakin gwamna in roƙe shi ya taso ya buɗe ginin. Takardar ta ce ekselansi, ni kuwa na ce "mai girma, muna roƙonka ka taso." Ni kaina na ji maganar ta fita ba gishiri. Da na zo kan kwamishiniya, takarda ta ce madam, na faɗe shi haka nan. Bayan an tashi wani dattijo ya ja ni gefe ya ce kada in ƙara. Abin ya tsaya mini a rai, domin wannan sana'ata ce. Wanda ya taɓa shiga irin wannan hali ya faɗa mana yadda ya fita.

Tsohon Magatakarda:
Wa alaikumus salam. Yaro, jerin da ka yi daidai ne, ba ka da laifi a nan. Abin da ya kuɓuce maka shi ne Bahaushe yana da baki biyu wajen girmama babba. Akwai wanda yake ambatonsa da shi a gaban mutane, akwai wanda yake fuskantarsa da shi. Mai girma, mai martaba, mai shari'a, duk na ambato ne. Da su kake gaya wa taro wane ne ke zaune. In ka juyo kana magana da mutumin ido da ido, addu'a ake yi masa. Da ka ce "ranka ya daɗe, muna roƙonka ka taso," da ba wanda zai ji wani abu ya ragu.

Bature kalma ɗaya, irin ekselansi, yake riƙewa ya ɗan sauya mata gaba, in a gabanka ne ya ce naka, in a bayanka ne ya ce nasa. Shi ya sa mai fassara ke zaton mai girma za ta yi masa aikin duka biyun. A jawabin da aka rubuta tana iya yi, in ka sa mata "ya" kuma ka cika ta da muƙamin: "ya mai girma mataimakin gwamna." Amma ka bar ta ita kaɗai kana kiran mutum da ita, sai ta zama kamar riga ba wuya.

Na yi shekaru ina rubuta wa wani hakimi takardu. A kan ambulan "mai girma hakimi" nake sawa. In na shiga zaure na durƙusa, ban taɓa ce masa mai girma ba ko sau ɗaya. "Allah ya ba ka nasara" nake cewa, ko "ranka ya daɗe."

Ɗan Kasuwar Waya:
Ni a sanina ranka ya daɗe na masu rawani ne kawai. Ɗan siyasa ko ma'aikacin gwamnati yallaɓai ake ce masa, shi ne daidai da "sa" ɗin da ake ce wa babba a Turanci. Ni duk ɗan sandan da ya tsayar da ni a hanya yallaɓai nake ce masa, kuma ban taɓa ganin wanda ya ɓata rai ba.

Tsohon Magatakarda:
Rabin maganarka gaskiya ce, ɗana. Yallaɓai ita ce ta fi kusa da sa a ofis da bariki, ba musu. Amma ranka ya daɗe ta daɗe da fita daga fada. Direba na ce wa ubangidansa, ɗalibi na ce wa shugaban makaranta. Abin da ya rage na sarki shi kaɗai su ne irin "Allah ya ja zamanin sarki" da "Allah ya taimaki sarki." Kuma ka lura da abu guda: yallaɓai na hawa ofis, ba ta shiga fada. Ka durƙusa gaban sarki ka ce yallaɓai, kafin ka rufe baki dogarai sun gyara maka. Ga shi kuma kai da kanka ka ce ita kake ce wa ɗan sandan kan hanya. Kalmar da ake ce wa kurtu za ta yi wa mataimakin gwamna ƙaranci a bainar jama'a, ko da a ofis na kusa da shi suna ce masa haka.

Ma'aikaciyar Jinya:
Bari in yi magana kan madam, don ni ake ce wa. A wurin aiki in abokin aiki ya ce mini "madam" ko "ma" cikin Turanci, ba na jin komai. Amma in ana Hausa tsantsa aka jefo madam, sai in ji kamar an ware ni, an mai da ni baƙuwa a garinmu. A bakin mutane da yawa madam ita ce matar da ba Bahaushiya ba, ko mai gidan sayar da abinci, wani lokaci ma da gatse ake faɗa wa macen da ake ganin tana ɗaga kai. Ina jin abin da dattijon nan ya hango maka ke nan.

Da ka ce "ranki ya daɗe, Hajiya," da ka gama. Sai dai ku maza ku riƙa kula da ƙarshen kalmar. Sau da yawa bakin mutum ya saba, sai ya dubi mace ya ce ranka ya daɗe. Ranki ne ga mace, ranku in suna da yawa.

Mu a ɗakin marasa lafiya takardun koyarwa cike suke da sa da madam, amma ba mai amfani da su. Tsoho Baba ne, tsohuwa Mama ko Iya, matashi Malam, matashiya Malama. Na taɓa ganin sabuwar ma'aikaciya ta ce wa wani tsoho daga ƙauye yallaɓai, sai ya waiga yana neman wanda ake nufi. Da ta ce Baba, nan take ya saki jiki ya faɗi abin da ke damunsa.

Amaryar Bana:
Tunda ana maganar kira, ni matsalata uwar mijina ce. 'Ya'yanta Hajiya suke ce mata, ni kuma ina jin nauyin in bi su, sunanta kuma sunan ƙanwata ne, ba na iya kiran ƙanwar tawa a gabanta. Me zan riƙa ce mata?

Ma'aikaciyar Jinya:
Ƙanwata, wannan zancen kunya ne na cikin gida, daban yake da na taro. Amma ki ce mata Mama ko Umma, ba za ki yi kuskure ba. Ita kuma ƙanwar taki ki sa mata laƙabi.

Mai Fassara a Rediyo:
Akwai wata sa ɗin da ba yallaɓai ba ce ko kaɗan, kuma na ga ta kayar da wani sabon ma'aikaci a ɗakin labaranmu. Ya fassara labarin tunawa da Sardauna ya rubuta "Yallaɓai Ahmadu Bello." Sa ɗin da ke gaban sunan Sardauna lambar girma ce da Sarauniyar Ingila ta ba shi a 1959, kamar yadda aka ba Abubakar Tafawa Ɓalewa a 1960. Ta zama ɓangaren suna, ba a fassara ta. Sa Ahmadu Bello ake cewa, Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa.

Wani wurin da muke taka-tsantsan shi ne Sakkwato. Sarakunan yanka mai martaba ne, amma Sarkin Musulmi mai alfarma ake ce masa. In ka ce mai martaba Sarkin Musulmi a iska, kafin ka fito daga ɗakin watsa shirye-shirye waya ta fara ƙara. Haka kuma hakimi ba a ce masa mai martaba, komai girman ƙasarsa.

Sai wasiƙa. An taɓa kawo mini takardar neman aiki da aka buɗe da "ya ƙaunataccen yallaɓai ko madam." An bi Turancin ne kalma bayan kalma. Bahaushe ba ya kiran wanda bai sani ba ƙaunatacce. In ba ka san ko namiji ne ko mace ke kan kujerar ba, rubuta wa kujerar: "Zuwa ga shugaban sashen ɗaukar ma'aikata." Sai ka yi sallama, ka ce bayan gaisuwa da fatan alheri, ka ci gaba da "ku" har ƙarshe, tunda da ofishin kake magana.

Ɗan Maraɗi:
Mu nan Nijar daga Faransanci namu ya shigo. Malamin makarantar boko mushe muke ce masa, malama kuma madam, kuma ba raini a ciki ko kaɗan, girmamawa ce. Da na je Katsina wajen dangi na ce wa wani malami mushe, sai da aka yi mini bayani, don shi dabbar da ta mutu ba yanka ya ji. Saboda haka Hajiya, madam ɗin da ke sosa miki rai, a wajenmu malamar aji ce.

Almajirin Zaure:
Ni abin da ban gamsu da shi ba shi ne mai girma ɗin kanta. Girma na Allah ne. Yanzu kansila mai girma, shugaban ƙaramar hukuma mai girma, ɗan majalisa mai girma, gwamna mai girma. Turawan ma sun raba, wani onarabul wani ekselansi, mu mun zuba su a kwando ɗaya. Dubi malamanmu: "Allah ya gafarta malam" muke cewa, gafara muke roƙa masa, ba mu ɗaga shi ba.

Mai Fassara a Rediyo:
Malam, kan haɗa onarabul da ekselansi ka taɓo inda ke mana ciwo. Mun sha gardama a kai a wurin aiki, ba mu samu kalmar da kowa ya yarda da ita ba. Abin da muke yi shi ne mu bar muƙamin ya nuna bambancin, mu ce mai girma gwamna, ɗan majalisa kuma sau da yawa mu ambaci muƙaminsa kawai. Kan ɗaya maganar kuwa ban bi ka ba. Allah Maɗaukakin Sarki muke cewa, kuma muna ce wa dattijo ya girma, muna ce wa yaro ya ba na gaba da shi girmansa.

Almajirin Zaure:
Na ji, amma har yanzu bakina bai sake da ita ba. Ni dai zan tsaya kan addu'a.

Mai Gabatar da Baƙi:
Na gode ƙwarai, Baba Magatakarda da Hajiya da sauran 'yan'uwa. Na gyara takardata: ambato da laƙabi, fuskanta da ranka ko ranki ya daɗe, liman kuma Allah ya gafarta malam. Saura guda. Wata mai zuwa ina da taron da matar gwamna za ta wakilci mijinta. A takardar da aka turo mini ita ma an sa mata ekselansi. In ce mai girma uwargidan gwamna, ko mai ɗakin gwamna kawai, tunda ba ita aka zaɓa ba? Na kuma ji wasu matasa na cewa yallaɓiya. Akwai wanda ya taɓa jin an faɗe ta a gaban manya?