Masauki na kyauta ko na biya: wanne ne tarkon?

Nafisa: Salamu alaikum. Ina so in buɗe ɗan shafin intanet na hotunan zanen gine-ginen Birni da hawan Sallah, don sha'awa kawai. Hotuna kusan 300 ne a wayata. Wani ya ce mini a cikin masaukan da ke ajiye fayilolin shafi a intanet, na kyauta tarko ne, duk mai son shafinsa ya daɗe sai ya biya. Gaskiya ne?

Alhaji Sanusi: Gaskiya ya faɗa miki, ƴata. Abin da ba ki biya ba, ba ki da bakin magana a kansa. GeoCities ya rufe a 2009 da shafukan mutane, Heroku ya soke tsarinsa na kyauta a Nuwamba 2022, 000webhost ma ya rufe a 2024. Ki biya ki huta.

Malam Habu: Alhaji, misalanka daidai ne, amma hukuncin ya yi faɗi. Kyautar iri-iri ce, kuma kowace da inda take yanke mutum.

Mu ɗauki hotunan Nafisa. Hoton waya yakan kai mega 4, wato 300 sun kama mega 1.200. WordPress.com na kyauta jiga 1 yake bayarwa, GitHub Pages ma iyakar shafi jiga 1 ne. In ta ɗora su yadda suka fito daga waya, wuri zai cika ba ta gama ba, sai ta ce kyauta ba ta da amfani. Alhali in aka rage faɗin kowane hoto zuwa fiksal 1.200, yakan dawo wajen kilo 200, duka 300 ɗin su zama mega 60. A kwamfuta mai ImageMagick, manhajar sarrafa hotuna, cikin jakar hotunan:

```
mkdir kanana
mogrify -path kanana -resize 1200x -quality 75 *.jpg
```

Kada a manta da `-path`, in ba haka ba zai danne hotunan asali. Wannan ragewar ba don masauki kaɗai ba ce. Mai buɗe shafin a Mirriya ko Magariya da ɗan forfen waya ba zai jira hoto mai mega 4 ba.

Iyakar da ta fi ɓuya tana wajen masu ba da manhajar gina shafi ta WordPress cikakkiya a kyauta, su rubuta cewa zirga-zirga ba iyaka. InfinityFree, misali, yana ƙidaya abin da yake kira `hits`, 50.000 a rana. Mutane suna ɗauka baƙi 50.000 ake nufi. A'a, kowane fayil da wayar baƙo ta nema, ɗaya ne. Shafi mai hoto 25 da fayilolin ado da rubutu 15 ya ci 40 a buɗawa ɗaya. Raba 50.000 da 40, ka samu 1.250. Ranar hawa aka watsa adireshin a WhatsApp, mutum 400 suka buɗe shafi uku-uku, an kusa bango. In aka wuce, a dakatar da shafin na kwana guda, daidai ranar da ake nemansa.

Ibro: Ni na biya rajistar suna, wato adireshin shafina, shekara guda, amma in na buga shi ba abin da ke fitowa. Ke nan na biyan ma cuta ne.

Malam Habu: Ibro, suna ka saya, ba masauki ba. Abu biyu ne. Sunan sai ka nuna masa inda fayilolinka suke. Shiga wurin da ka yi rajista, nemi `DNS`, ka sa adireshin da masaukinka ya ba ka. In GitHub Pages ne, layukan `A` huɗu ne, daga `185.199.108.153` zuwa `185.199.111.153`. Wani lokaci yakan ɗauki awoyi kafin ya kama.

Alhaji Sanusi: To ai ka ƙarfafa maganata, Malam. Da ta biya, ba ruwanta da lissafin dubu hamsin.

Hajiya Rabi: Alhaji, na biyan ma yana da nasa lissafin, a ƙasan yarjejeniya yake. Masauki mai araha, injin guda ne ake raba wa shafuka masu yawa, kowa da kason ƙarfin inji da adadin buƙatun da za a yi masa aiki a lokaci guda. In baƙi suka taru, allo ya nuna `508 Resource Limit Is Reached`. Wannan saƙon ba ya nufin wuri ya cika, kason ne ya ƙare.

Sai farashi. A ce an rubuta yuro 3 a wata. Yawanci sai ka biya shekara 3 ko 4 a dunƙule kake samun wannan. Wata 48 sau 3, yuro 144 ke nan, kuma yuro ɗaya sefa 655,957 ne, wato sama da jika 94 a tashi ɗaya. In wa'adin ya cika, sabuntawa takan ninka biyu ko uku. Sunan da aka ce kyauta ne, shekarar farko kawai. Ga kuma namu na nan: biyan da katin Visa ko Mastercard ne, kuma katin da ake lodawa yakan ƙare ko ya zama ba kuɗi a ciki ranar sabuntawa. Saƙon gargaɗi ya tafi akwatin imel da ba a dubawa, a share shafin. Ba kamfani ne ya rufe ba, kati ne ya mutu.

Nafisa: To Malam, Hajiya, ni ina zan sa kaina?

Malam Habu: Ƙanwata, kuɗinki ki sa a suna, ba a masauki ba. Sunan `.com` yana kamawa wajen jika 8 zuwa 10 a shekara. Ki yi rajistarsa da sunanki da imel ɗinki, ba na wanda ya taya ki ba. Blogger yana yarda a liƙa masa suna na kai ba tare da biya ba, GitHub Pages da Cloudflare Pages ma haka. WordPress.com na kyauta bai yarda ba, kuma yana sa tallarsa a shafinki. In suna naki ne, ranar da masauki ya rufe sai ki juya shi wani wuri, adireshin da mutane suka sani bai sauya ba.

GitHub Pages yana ba da kimanin jiga 100 na zirga-zirga a wata. Shafi mai mega 2 sai an buɗe shi sau 50.000 kafin a kai nan. Amma ba ya gudanar da PHP, harshen da WordPress ke aiki da shi, ba rumbun bayanai, kuma a asusun kyauta fayilolinki a buɗe suke ga kowa. Tunda da waya kike aiki, Blogger zai fi miki sauƙi.

Hajiya Rabi: In ƙara ɗaya da ake yawan faɗawa ciki. Fayil ɗin da `Export` na WordPress yake fitarwa rubutu ne da adireshin hotuna, hotunan ba sa ciki. In tsohon masauki ya mutu kafin a kwashe su, rubutu ya dawo, gurbin hoto ya zama fanko. Hotunan asali su zauna a katin memori ko kile, kwafi biyu. Kuma kada a bari suna ya faɗi: bayan ɗan sassaucin farko akwai kwana 30 na fansa, kuɗinsa ya ninka na sabuntawa sau da yawa.

Alhaji Sanusi: Na yarda da maganar suna. Amma ranar da aka rufe asusun kyauta bisa kuskure, wa za ta kira? A masauki na biya aƙalla akwai mai amsa saƙo. Kuma in gobe dukawa suka ce ta sa musu jakunkuna da takalma a sayar, GitHub Pages ya hana shagon ciniki a kansa.

Malam Habu: Wannan ta biyun haka take, ran da ciniki ya shigo sai a koma na biya. Ta farkon kuwa, mai amsa saƙo ba ya dawo da abin da ba a ajiye kwafinsa ba.

Alhaji Sanusi: Masaukai na biya da yawa suna ajiye kwafi kowane mako.

Hajiya Rabi: Wasu suna yi, wasu sai an ƙara kuɗi, wasu kuma kwafin yana tafiya tare da asusun in ba a sabunta ba. Nafisa, kafin ki biya kowa, ki tambaye shi kwana nawa yake riƙe fayiloli bayan wa'adi ya ƙare, ki kawo mana amsar a rubuce.