Na sa kile ya shiga, amma Word na cewa babu lisansi, kuma garinmu ba rezo

Mai Sakatariya: Assalamu alaikum ƴan'uwa. Ina da ƴar sakatariya a wani ƙauye bisa hanyar Dakwaro, ina buga ma mutane takardu da fotokofi, da pano nike aiki. Wata bakwai da sunka wuce na sayi ordinatar babba ta tebur nan Maradi, da Office 2021 a ciki. Satin da ya wuce sai saman Word ya koma ja, ya rubuta "Échec de l'activation du produit". Na kira mai shagon, ya ce in turo jika bakwai ya aiko mini kile. Na turo, ya aiko harafi 25, na shigar, ta karɓa ba gardama, amma jan nan bai tafi ba. Har yanzu ina iya rubutu, tsorona kar ta kulle wata rana. Garinmu ba rezo sai ka hau tudun bayan makabarta. To mi kuka gani, in ɗauko injin in kawo Maradi, ko in sake sayen wani kile, ko in biya na wata-wata?

Ɗan Kabu-kabu: Malam kile ɗin ne ya ɗauki birus. Nawa ma haka ya yi, waƙoƙina duka sunka ɓace. Ka sayi sabo mai jiga 32.

Ƴar Zariya: Kai, ba kile na sokawa yake nufi ba, lambobin lisansi ne. Karanta mana kafin ka ba da magani.

Ɗan Kabu-kabu: To Allah ya ba da haƙuri. Amma in injin za a ɗauko, ina nan da igiya da katifa.

Mai Gyara na Bagalam: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, shigar da kile daban, tabbatar da shi daban. Sa'ad da ka rubuta haruffan, Office duba kawai yake yi ko sun dace da irin wanda ke cikin injin, kuma wannan ba ya buƙatar intanet. Tabbatarwa kuwa sai wani daga waje ya amsa ya ce e. Kafin ka kashe ko dala, ka buɗe Invite de commandes da ikon administrateur ka rubuta wannan:

```
cd "C:\Program Files\Microsoft Office\Office16"
cscript ospp.vbs /dstatus
```

In ta ce ba ta ga hanyar ba, gwada da `Program Files (x86)`. Ka kwafo mini layin LICENSE DESCRIPTION da na ERROR CODE. Kar ka saka kile ɗinka gaba ɗaya a nan.

Abba Jibiya: Duk wannan wahala ce. Ka mai da kwanan watan kwamfutar baya da wata biyu, shi ke nan. Ko ka ba ni jika biyu in kawo maka kile daga Katsina, har abada.

Hajiya Mai Buga Takardu: Har abada! Wallahi kalmar nan ita ta cinye ni. Ɗana mai tambaya, zauna ka ji. Ni jika goma sha biyar na biya, da ƴar takarda mai ƙyalli da tambari, anka ce na asali ne, har jikokina za su ci gajiyarsa. Ya yi aiki shekara guda da wani abu. Sai injin ya fara nauyi, na kai gyara, yaron ya share komai ya sake zubawa. Na dawo shago ranar Lahadi da dare, ga tambayoyin jarrabawar wata lakwal na aji shida da zan miƙa Litinin da safe. Na sa kile ɗina, ga intanet ina da shi, forfe na sayo na musamman, sai ta fito da 0xC004C020. Na sake, haka. Na kashe na kunna, haka. Wanda ya sayar mini ya ce laifin mai gyara ne, mai gyara ya ce laifin mai sayarwa ne, ni kuma ina tsakiya kamar akuyar da anka ɗaure ma igiya biyu. Daren nan a shagon maƙwabcina na kwana ina bugawa, ina biyansa kowane shafi, ni da nike karɓar kuɗin shafi hannun mutane. Ƙarfe huɗu na asuba na gama. Direktan ya karɓi aikinsa, amma bai sake kawo mini wani ba. Abin da ya fi ƙona mini rai, daga baya wata mai sakatariya a unguwarmu ta nuna mini tata takardar mai ƙyalli. Harafi biyar na ƙarshe iri ɗaya da nawa.

Mai Gyara na Bagalam: Sannu Hajiya. Lambar nan da kinka gani ma'anarta an yi amfani da kile ɗin har ya cika adadin da anka yarda masa. Irin wanda ake ba manyan ma'aikatu ne, guda ɗaya mai kunna injina da yawa, sai wani ya samo shi ya riƙa yanka ma mutane kamar tsire. Ranar da kinka saya akwai sauran gurbi. Ranar da kinka dawo, an cinye.

Abba Jibiya: To ai gwamma nawa na jika biyu, in ya mutu ba ka yi asara mai yawa ba.

Malamin Lisafi: Abba, kai da Hajiya abu guda kunka saya, ita dai an haɗa mata da takarda. Na asali mai Word da Excel wanda ake saye sau ɗaya, kuɗinsa ya fi wannan nesa ba kusa ba. Ni shawarata mai tambaya ya yi Microsoft 365, na wata-wata, yana biya yana hutawa, ba ruwansa da kile.

Ƴar Zariya: Malam, mutumin ya ce ba rezo garinsu. Na biyan wata-wata sai injin ya leƙa intanet aƙalla sau ɗaya cikin kwana 30, in ba haka ba ya koma sai dai ka buɗe takarda ka karanta ka fitar, ba ka iya gyara ko harafi. Na gani da idona lokacin da na tafi aiki Mayayi. Ga kuma zancen katin banki na biya.

Malamin Lisafi: Sau ɗaya a wata ai ba abin wahala ba ne.

Ƴar Zariya: Injin tebur ne fa, ba na jaka ba. Kowane wata ya ɗora shi bisa amalanke zuwa tudu?

Mai Sakatariya: Na gode duka. Na hau tudu yanzu. Ga abin da ta nuna: VOLUME_KMSCLIENT channel, sannan 0xC004F074.

Mai Gyara na Bagalam: Madalla, an gano. Kuma ba daɗi. Wannan irin lisansin na cikin ma'aikata ne, inda suke da wani inji nasu mai tabbatar ma sauran. Duk tabbatarwa guda kwana 180 take yi, kuma injinka na ƙoƙarin sabuntawa kowane kwana 7 in ya samu hanya. Mai shagon ya kunna maka a Maradi ta wani inji da ba nasa ba kuma ba naka ba, kai kuma ka tafi inda ba rezo. Kwana 180 sunka ƙare, anka ƙara maka 30 na rangwame, lissafa ka gani, wata bakwai ɗinka ke nan. Lambar 0xC004F074 cewa take ta nemi wancan injin ba ta same shi ba. Kile ɗin jika bakwai kuma, tun da bayan ka sa shi har yanzu KMSCLIENT take nunawa, irin na gama-gari ne da Microsoft da kansa ya jera a shafinsa kyauta. Ba ya kunna komai shi kaɗai. Ko ka kawo injin Maradi an sake kunnawa ta waccan hanya, bayan wata bakwai nan za ka dawo.

Abba Jibiya: Shi ya sa na ce ya mai da agogo baya.

Mai Gyara na Bagalam: A'a Abba. Ba ya dawo da kwanakin, kuma agogon da ba daidai ba shi kansa yana hana tabbatarwa. Injina nawa anka kawo mini da 0x80072F8F, ashe ƴar pil ɗin nan mai kama da kwabo, CR2032, ita ta mutu, kwanan wata ya koma shekarun baya. Kai kana so ya jawo ma kansa ciwon da hannunsa.

Tsohon Akawu: Yaran zamani kun cika surutu. Mu da tarho muke yi. Injin ya ba ka lambobi, ka kira, ka karanto, a karanto maka wasu, ka shigar. Ba intanet ba komai.

Mai Gyara na Bagalam: Gaskiya ne Baba, hanyar na nan, sai dai ta sauya. Injin na ba da lamba 63, rukuni tara na bakwai-bakwai, ana mayar maka da 48, rukuni takwas daga A zuwa H. Ana iya fitar da ta farko da `cscript ospp.vbs /dinstid`, a shigar da amsar da `/actcid:`. Na ƙarshe da na yi, kiran bai ba ni lambar ba, shafin Microsoft anka tura ni, na shiga da asusu ta salula na karɓo. To mai tambaya na iya rubuta lambobin a takarda ya hau tudu da waya kawai, injin na zaune a shago. Amma sai da kile na gaske wanda ya yarda da wannan hanya. Nasa na yanzu ba ya yi. Kuma kile na amfanin gida da ake saye ba zai shiga wannan Office ɗin ba, sai an cire an zuba wanda ya dace da shi.

Malamin Lisafi: Kowa ya zama injiniya. Kai ma ai gyara kake, abincinka ne ya kawo injin.

Mai Gyara na Bagalam: Malam, ni ne fa na ce kar ya kawo.

Ƴar Zariya: In wasiƙu da rasit ne kawai, ya zuba LibreOffice, mai yin irin aikin Word, daga kile na sokawa, ba ya tambayar lisansi. Sai dai takardar Word mai teburori da yawa wani lokaci takan karkace, ya duba kafin ya fitar.

Ɗan Kabu-kabu: Kun gani? A ƙarshe dai kile ɗina anka dawo.

Hajiya Mai Buga Takardu: Ni tambayata ga masu gyara ce. Don mi duk ciwon da injin ya zo da shi, maganinku sharewa? Yaron nan ko tambayata bai yi ba ko ina da lisansi a ciki. Har da fom ɗin takardun haya da na shekara uku ina tarawa, duk ya tafi da su.

Tsohon Akawu: Nawa hotunan auren ɗiyata ne. Ya ce mini "Baba ai ba ka faɗi ba". Ni na san za ka share?

Mai Gyara na Bagalam: Ba dukanmu ba ne Hajiya. Amma ku ma in an ce kwashe kaya jika biyu ne daban, sai ku ce a bari.

Hajiya Mai Buga Takardu: Ba wanda ya ce mini jika biyu. Da an faɗa da biyar zan ba da.

Mai Sakatariya: Cajina ya kusa ƙarewa, zan sauka daga tudu. Jika bakwai ɗina fa, kuna ganin in na nuna masa abin da injin ya rubuta zai mayar mini?