Sikirif ɗin da zai riƙa ɗora min bidiyo a YouTube: in biya ko in haƙura?

Abu_Hanan: Salamu alaikum 'yan uwa. Ni ke kula da tashar karatun malaminmu. Ina da bidiyo arba'in da na gama gyarawa, ina so kullum ɗaya ya fita bayan Isha'i ba sai na zauna gaban kwamfuta ba. Wani yaro ya ce zai rubuta min sikirif da Python a kan dubu tamanin. Wanda ya taɓa yi, in biya?

Sarkin_Yawo: Ka sayi makirfo mai kyau tukuna, sauti shi ne komai.

Abu_Hanan: Malam, ban yi kukan sauti ba ai.

Hajjo_Girke: Ɗan uwa, tsaya ka ji nawa. Dubu ɗari da ashirin na biya wani. Daren farko sikirif ya ɗora bidiyon girkina biyar, na kwanta ina murna. Da safe duka biyar ɗin a kulle, `Private`, kuma na danna na danna sun ƙi buɗuwa. Ya ce min matsalar sabis ce. Sati guda bayan nan abin ya tsaya cak, sai `invalid_grant` kawai yake rubutawa. Na kira shi, wai sai na ƙara kuɗin gyara. Da hannuna na sake ɗora su, data ta tafi sau biyu.

Injiniya_Bash: Hajiya, babu ruwan sabis. Duk `project` na Google Cloud, wato rajistar da sikirif ke shiga YouTube da ita, da aka buɗe bayan 28 ga Yulin 2020, in bai wuce tantancewar YouTube ba, bidiyon da ya ɗora ta `videos.insert` a kulle yake zama, ko me aka rubuta a sikirif. Akwai fom da ake cikewa a yi bayanin abin da za a yi da shi, sai sun amince. Na biyun kuwa, ya bar shafin izinin OAuth a kan `Testing` ne, shi ya sa makullin shiga ke mutuwa bayan kwana bakwai. Da ya mayar da shi `In production` da ba haka ba. Abu Hanan, kafin ka ba da ko sisi, ka ce ya ɗora bidiyo ɗaya a gabanka, ka buɗe shi a wayar wani. In ya buɗu, a yi maganar kuɗi.

Dan_Fagge: Dubu tamanin?! Ni dubu goma sha biyar aka yi min. Amma ka sani shida kawai za ka iya ɗorawa a rana. Maki 10,000 ake ba ka, kowane bidiyo yana cin 1,600.

Injiniya_Bash: Da can haka ne, amma an rage abin da ɗorawa ke ci. Kowa ya duba `Quotas` na kansa a Cloud Console. Kuma mutumin nan ɗaya yake so a rana, ina ruwansa da shida? Wajen saita lokaci ake yawan kuskure. Dole a ɗora shi a ɓoye, sannan a ba shi lokacin fita:

```
"status": {"privacyStatus": "private",
           "publishAt": "2026-03-01T20:00:00Z"}
```

Wannan `Z` ɗin agogon UTC ne, mu muna gaba da awa ɗaya, don haka ƙarfe tara na dare zai fita a Kano.

Dan_Fagge: Injiniya, kai tasha nawa gare ka? Mu da muke ciki muke magana.

Hajjo_Girke: Kai da aka yi maka na dubu goma sha biyar, naka suna buɗuwa?

Dan_Fagge: Ina buɗe su da hannu.

Injiniya_Bash: To naka ya wuce tantancewa ke nan, ko tsohon `project` ɗin wani kake hawa. Wanda aka kulle ba ya buɗuwa da hannu.

Sarkin_Yawo: Ni sikirif ɗina ƙanena ne. Indomi biyu da ƙwai, kuma bai taɓa cewa `invalid_grant` ba 😂

Maman_Walid: Ni ban ga abin biya a nan ba. YouTube Studio yana da `Schedule` kyauta. Ka sami inda sabis ke da ƙarfi, ka ɗora su rukuni-rukuni, ka sa wa kowanne ranarsa. Arba'in ai aikin yini ɗaya ne ko biyu.

Abu_Hanan: Gaskiya ne Maman Walid, sai dai karatun ba ya ƙarewa, kowane sati sababbi na zuwa. Wani abu kuma, yaron ya ce in turo masa fasuwod ɗin Gmail na tashar.

Injiniya_Bash: Kada ka kuskura. Ba ya buƙata. Kai za ka shiga da kanka a burauza ka danna amincewa sau ɗaya, fayil ɗin makullin ya zauna a kwamfutarka.

Hajjo_Girke: Ni na ba nawa! Har yau lambar wayarsa ce a wajen dawo da asusu, ban san yadda zan cire ba.

Dan_Fagge: Wani abokina haka ya rasa tasha mai mabiya masu yawa, ya wayi gari an canza mata suna ana tallar kirifto.

Maman_Walid: Wai su masu siyan tashoshin nan, nawa suke biya yanzu? Jiya ma wani ya yi min magana.