Gem sun taru, wanne za a fara?

Wani abokinmu ya kawo kuka: wasanni 70 ne a laburarensa na Steam da na Epic Games, shagunan sayar da gem na intanet, yawanci na lokacin ragin farashi da kyautar Epic Games ta mako-mako, amma kullum dare gem ɗin ƙwallo yake komawa. Ga abin da aka tattaro daga hirar da muka yi a kai.

Shawarar da ta fi samun karɓuwa ita ce a fara da lissafin lokaci. Shi awa biyar yake samu a mako. The Witcher 3 na cin kusan awa 50 a babban labarinsa kaɗai, wato mako goma ke nan ba fashi, alhali Portal bai wuce awa uku zuwa huɗu ba. Aka ce ya duba tsawon kowane wasa a shafin intanet na HowLongToBeat, ya ɗauki gajere tukuna. Dalili kuwa, dogon wasa in ka bar shi wata guda, ka manta maɓallai da inda labari ya tsaya, sai ka sake daga farko.

Na biyu, wasa biyu kawai zai bari a kan na'ura, dogo ɗaya da gajere ɗaya, ya goge sauran. Gogewa ba ta raba ka da wasan, yana nan a asusunka.

An ɗan yi gardama kan yaushe ake haƙura da wasa. Wasu suka ce awa biyu ta isa, don Steam na mayar da kuɗi idan ba ka kai awa biyu ba kuma sayen bai wuce kwana 14 ba. Ni dai ina ganin awa biyu ta yi kaɗan ga wasa irin Red Dead Redemption 2, wanda farkonsa tafiyar hawainiya ce cikin dusar ƙanƙara.