Gibi ko rarar kuɗin gudanar da masana'anta a ƙarshen shekara

Akantocin da suka tattauna abin da za a yi idan kuɗin gudanar da masana'anta da aka kashe ya bambanta da wanda aka ƙiyasta aka ɗora wa kaya a lissafi sun yarda cewa girman bambancin ne ke nuna hanya. Idan an kashe miliyan 50 kan wuta, haya da gyaran injuna, amma an ɗora wa kaya miliyan 46 kawai, akwai gibin miliyan 4. Ƙaramin gibi ana zuba shi gaba ɗaya cikin kuɗin kayan da aka sayar. Babba kuwa, musamman idan kaya sun taru a rumbu, gara a raba shi: idan kashi 70 cikin 100 na abin da aka ɗora yana kan kayan da aka sayar, 20 kan waɗanda aka kammala, 10 kan waɗanda ake kan haɗawa, sai su ɗauki miliyan 2.8, dubu 800 da dubu 400. Idan rara ce, ragewa ake yi. Wani ya yi gargaɗi, kuma da gaskiyarsa, cewa gibin da zaman injuna ba aiki ya haifar asarar shekarar ce, bai kamata a ɓoye shi cikin kayan rumbu ba.