Yadda Hadiza Ta Tace Sana'o'i Uku

A tattaunawar da muka yi kan gajeren labarin Hadiza, budurwar da ke da ɗan jari da tunanin sana'o'i uku, yawancin shawarwarin sun taru a kan tambaya ɗaya: yaushe kuɗin zai dawo hannunta?

Sayar da tufafi ne ya fara faɗuwa. Kaya na iya yin watanni a rataye, yayi ya wuce, ga masu karɓa bashi.

Kiwon kajin nama ya fi jan muhawara. Sukan isa sayarwa cikin mako 6 zuwa 8, amma abinci ke lashe mafi yawan kuɗin, kuma kullum sai an zuba kafin a ga ko sisi. Wata mai kiwo ta ce idan kaji suka takure wuri guda, suka daina ci, cuta ta shigo, kuma tana iya share keji cikin kwanaki. Wadda jarinta ke nan duka ba za ta iya ɗaukar wannan asarar ba.

Ɗinki ya rage. Keke sau ɗaya ake saye, mai kaya ke kawo yadinsa, har ya ba da kafin alƙalami. Sharaɗin da aka gindaya mata, kuma na yarda da shi: ta ƙware a yanka tukuna, domin yadin da ta ɓata ita za ta biya. Ɗinkin ta zaɓa.