Tambari, haɗin hotuna da allon shago: bekta ko rasta?

Mai shagon ɗinki: Assalamu alaikum. Ƙanena ya yi min tambari a waya da PixelLab, PNG ne mai fiksel 500 tsawo da faɗi. Ina son allon shago ƙafa 10 da ƙafa 3, da kuma hotunan ɗinkuna shida a haɗe a takarda A3. Mai bugawa ya ce tambarin zai fashe, in kawo bekta. Me zan yi?

Mai zane da CorelDRAW: Wa alaikumus salam Hajiya. Gaskiya ya faɗa miki, kuma lissafin ba wuya. Idan tambarin zai ci ƙafa 2 a jikin allon, inci 24 ke nan. Raba 500 gida 24, kowane inci zai samu fiksel 21 kacal, duk wanda ya matso kusa zai ga gefen haruffa ya yi tsini-tsini. PNG da JPG rasta ne, wato ɗigo-ɗigo ƙirgaggu da ake kira fiksel, in an ja su sai kowane ɗigo ya kumbura. Shi bekta layi da lanƙwasa yake ajiyewa a lissafe, duk girman da aka ba shi sai kwamfuta ta sake zana shi tsaf. Saboda haka tambari a zana shi bekta sau ɗaya, ki karɓi fayil ɗinsa na bekta, CDR ko SVG, tare da PDF, daga ciki a fitar miki da PNG don WhatsApp.

Wani ɗalibi: Anti, ba sai kin biya kowa ba. Ki buɗe shi ki mayar da shi 300 dpi, wato ɗigo 300 a kowane inci, ki ajiye a PDF. PDF ai bekta ne.

Mai zane da CorelDRAW: Ƙanena, PDF yana iya ɗaukar bekta, amma hoton da ka zuba masa yana nan a hotonsa. Sauya lambar zuwa 300 kuma ba ya dawo da abin da babu, dishi-dishi kawai yake ƙarawa. Hajiya, ga gwaji: buɗe fayil ɗin da aka ba ki, ki yi ta zuƙo harafi ɗaya. In gefensa ya tsaya sumul, bekta ne. In murabba'ai sun fito, hoto aka cusa ciki.

Mai injin buga banna: Batun hotuna shida kuwa, rasta ne, babu makawa. Kada a yarda wani ya mayar da hoton kaya bekta, adon atamfa da inuwar leshi za su koma faci-faci. A3 a 300 dpi fiksel 3508 da 4961 ne. In aka jera biyu a kwance, uku a tsaye, kowane hoto yana son wajen fiksel 1700 ta kowane gefe. Kyamarar waya mai ba da 4000 da 3000 ta wadatar har da rara. Inda ake samun matsala wajen turawa ne: WhatsApp yana matse hoto. Ki tura ta Document, ko a kwafa da kebul, kuma ban da hoton da aka ɗauko daga sitatus.

Allon kuma, rubutu da lambar waya da tambari duk bekta. In za ki sa hoton riga a gefe, fiksel 100 a inci ya isa, har 72 ma, tunda daga nesa ake kallo. Hoto mai tsayin fiksel 3000 zai ci inci 30 lafiya. Kafin a kawo min fayil, mai zane ya zaɓi rubutun duka ya danna Ctrl+Q, wato Convert to Curves. In bai yi ba kuma babu salon haruffansa a kwamfutata, za ta musanya da wani, kuma ƙ da ɗ su ne ke fara komawa akwati. A bar inci 2 a gefuna ba rubutu, saboda naɗi da ƙusa.

Mai adaidaita sahu: Malam, ni sitika nake so a yanka min ta bayan mashin, hoton yana wayata. Zai yiwu?

Mai injin buga banna: Injin yanka sitika, layi wuƙarsa take bi, ba ta ganin hoto. Sai an zana maka bekta tukuna, launi ɗaya ko biyu, ba siraran layuka.

Wani ɗalibi: To ai akwai Trace Bitmap a manhajar Inkscape, mai bin gefen hoto ya zana shi da kansa, kyauta ne, minti ɗaya ya mayar da tambarin Anti bekta.

Mai zane da CorelDRAW: Yana aiki in tambarin launi biyu ne shimfiɗe, ba inuwa. A fiksel 500 dai haruffa karkacewa suke yi, da'ira ta fito da kusurwa. Ni hoton da ke cikin tambarin, kamar almakashi ko allura, kawai zan bari ya bi, sunan shagon in sake rubuta shi da hannu.

Mai injin buga banna: Ni kam na sha buga wanda aka bi da PowerTRACE, takwaran Trace Bitmap a CorelDRAW, a allo mai tsayi, ba wanda ya lura. Amma Hajiya, ki sa a buga miki ɗan yanki na ƙafa ɗaya a ainihin girmansa kafin a saki duka. Nan za ki ga gefen haruffa, ki kuma ga launi, don shuɗi da kore masu ƙyalli a waya sukan dushe a tawada.

Mai shagon ɗinki: Na gode, Allah ya saka. Tambarin nawa yana da ruwan zinare mai sheƙi, shi ma zai fito a banna?